Yadda ake tantance abincin firji da firiza bayan an daɗe ba wuta

A Birnin Kebbi, a watan Maris da Afrilu zafi yakan haura digiri 40, kuma a irin wannan lokaci ne na fi ganin amare suna yin kuskure guda: an ɗauke wuta kwana uku, an kawo ta cikin dare, da safe a buɗe firiza a tarar komai ya daskare, sai a ce ai kaya lafiya lau. Naman da ya narke ya ɗumama sannan ya sake daskarewa ya riga ya lalace. Ƙanƙara ba ta kashe ƙwayoyin cuta, tana dai dakatar da su ne.

Da farko ki riƙe lissafin lokaci. Firji, idan ba a buɗe shi ba, yana riƙe sanyi kamar awa 4 kacal. Firiza cike maƙil tana kai awa 48, wadda take rabi kuma awa 24. A zafinmu ni ba na jira a cika waɗannan awanni. Da an ɗauke wuta ki rubuta lokacin, ki kwashe nama da miya daga firji zuwa firiza, ki hana yara buɗe ta neman ruwan sanyi. Ruwansu a zuba musu a randa ko kula. In wuni ya wuce shiru, ki sayo manyan sandunan ƙanƙara ki jera a kan kayan.

Yanzu ga inda aikin yake. Ki duba kayan kafin firiza ta sake kamawa, ba bayan ta kama ba. Ɗauki kowace leda ki matsa da hannu. In tsakiyarta da tauri, ko kina jin ɓurɓushin ƙanƙara, a mayar, ba matsala. In ta narke amma sanyinta kamar yanzu aka ciro ta daga firji, wato bai haura digiri 5 ba, ki dafa ta yau ɗin nan har cikinta ya nuna sarai. In ta yi laushi babu sanyi, kuma ta fi awa 2 a haka, ko ba ki san tun yaushe ba, ta tafi bola. To in wutar ta riga ki fa? Nemi shaida: jini da ya kwanta a ƙasan firiza ya daskare, ledoji da suka manne da juna, nama da ya baje ya ɗauki siffar abin da ke ƙarƙashinsa. Don gaba, ki daskarar da ruwa a kofi, ki ɗora tsabar kuɗi a kai, ki bar shi a firiza. Ranar da kika same ta a gindin kofin, komai ya taɓa narkewa.

Mu ɗauki firiza mai rabin kaya, wuta ta tafi Talata da magariba, ta dawo Juma'a da asuba, kusan awa 60. Ɗanyen tarwaɗa da aka kawo daga Yawuri, kayan ciki, niƙaƙƙen nama da kazar da ke sama duk sun tafi, ko shinshinawa kada ki yi. Babbar cinyar rago da ke can ƙasa kaɗai ke da damar tsira, ita ma sai in tsakiyarta na da ƙanƙara. Miyar da aka yi da nama ko kifi, alale, awara, madara da dafaffen ƙwai, a zubar.

Shinkafa ce ake yi mini gardama a kanta, tunda mun saba da ɗumame. Dafaffiyar shinkafa ko tuwonta in suka daɗe cikin ɗumi, akwai ƙwayar cutar da ke zuba musu dafin da tafasa ba ta kashewa, kuma sau da yawa ba wari ba yauƙi. Sai dai a ga amai ya taso wa yara cikin 'yan awanni. Saboda haka hanci ba alƙali ba ne, ɗanɗanawa kuwa haramun ce a kicin ɗina. Nono da kindirmo tsaminsu yana ɗan kare su, amma in roba ta kumbura a zubar, kuma ban yarda a ba ƙaramin yaro, mai ciki ko tsoho wanda ya kwana ba sanyi ba.

Abin da za ki ajiye ba ya buƙatar dogon bayani: kilishi, busasshen kifi, daddawa, yaji, man shanu, burodi, lemu, da tumatir ko tattasai da ba a yanka ba, muddin ruwan nama bai taɓa su ba. Wanda aka yanka ko aka markaɗa ya bi sahun miya. Abin da za a zubar ki ƙulle shi a leda yadda almajirai ko yaran unguwa ba za su tsinta ba, kada ki mayar da shi sadaka. Sannan ki zare firiza daga soket, ki wanke ta da ruwan ɗumi da sabulu, ta bushe, ta yi sanyi tukuna kafin ki zuba sabon kaya.