Kaza mai rai, ta firiza ko sarrafaffiya: inda masu saye suke yin kuskure

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne kwatanta farashin kilo da kilo, alhali ba abu ɗaya ake aunawa ba. Buroila mai nauyin kilo 2 da ranta, idan aka yanka aka fige, aka cire kai da ƙafafu da kayan ciki, abin da zai rage bai wuce kilo 1.4 zuwa 1.5 ba. Kazar Hausa ma ba ta kai wannan kason. A ɗauka an sayi buroilar naira 8,000, mai figewa ya karɓi 300. In an raba 8,300 da 1.4, kilo ya tashi kusan naira 5,900. Ta firiza kuma a ce kilonta 5,500 ne, amma da ta narke sai kilon ya koma giram 850. To kilon naman ya kusa 6,500 ke nan, ragowar kuɗin ƙanƙara aka saya. Gyaran shi ne a narkar da ita sau ɗaya a sake aunawa, daga nan za a gane ko dillalin ya cancanci a koma wajensa. Kuma a duka biyun, wajen kashi ɗaya cikin uku ƙashi ne.

Wasu suna ganin tunda a gabansu aka yanka, magana ta ƙare. A duba kazar tukuna. Mai gyangyaɗi, ko mai kumburin fuska, ko wadda zawo ya ɓata gashin bayanta, a bar ta ko da an karya farashi. Ruwan zafin da ake tsoma kaji tun safe ba a canza ba yana yaɗa ƙwayar Salmonella, kuma ɗanyen nama a zafin da ya haura digiri 32 bai kamata ya wuce awa ɗaya a waje ba. Shi ya sa kaza ce ya dace ta zama ƙarshen cefane.

Daskararriya ba ta da aibi muddin ta zauna a digiri 18 ƙasa da sifili. Matsalar ita ce ɗauke wuta. Jan ƙanƙara a gindin leda, ko yankakkun da suka manne suka zama dunƙule, alama ce ta narke an sake daskarar da ita. Najeriya ta haramta shigo da daskararrun kaji, don haka kwalin ƙasar waje ta fasa-ƙwauri ya zo, babu mai tabbatar da sanyinsa a hanya, balle yadda aka yanka. A narkar a cikin firji, kwana ɗaya ga kilo 2, ba a rana ba.

Sosej da kazar da aka tsoma a fulawa kuwa, a karanta jerin kayan haɗi, domin abin da aka fara rubutawa shi ya fi yawa. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Launin suya a jikinsu ba ya nufin sun dahu, sai tsakiyar ta kai digiri 74.