Yadda ake tsayar da zafin ƙaramin injin ƙyanƙyasar ƙwai: histeresis da PID

Ƙwan kaza yana buƙatar zafi kusan digiri 37.5 har kwana 21 idan akwai fanka a cikin akwatin. Kaiwa ga wannan zafi ba wuya. Wuyar ita ce hita ba ta hucewa nan take bayan an kashe ta, haka kuma sensa tana makara kafin ta ji canji, saboda haka zafin yake ta hawa da sauka.

Fara da akwati babu ƙwai. Rataye sensa daidai da saman ƙwai, nesa da hita, ka ajiye ma'aunin zafi na asibiti kusa da ita don ka tabbatar ba ƙarya take yi ba. Sa goran ruwa biyu ko uku a rufe, su tsaya a madadin ƙwai wajen riƙe zafi.

Mataki na biyu shi ne histeresis, wato tazara tsakanin inda hita ke kunnuwa da inda take mutuwa. Ba don wannan tazara ba, rile, wato makunnin da ke kunna hita da kashe ta, zai yi ta ƙas-ƙas a kan lamba ɗaya har ya lalace. A na'urar sarrafa zafi ta STC-1000, F1 shi ne zafin da kake so, F2 shi ne tazarar, mafi ƙanƙantarta 0.3. Ka sa F1 a 37.7, F2 a 0.3: hita za ta kama a 37.4, ta saki a 37.7. Bar shi ya yi wasu sa'o'i, sannan ka zauna da takarda da agogo ka rubuta inda zafin ya fi hawa, inda ya fi sauka, da mintin da ke tsakanin hawa ɗaya da na gaba.

Idan zafin bai wuce 37.2 zuwa 37.9 ba, a ganina ka tsaya nan. Cikin ƙwai ba ya bin kowace 'yar rawar iska. In kuwa yana zarcewa da nisa, galibi hitar ce ta fi ƙarfin akwatin, ko fanka ba ya juya iska sosai. Matse tazarar ba ya magance wannan. Rage wat ɗin hita har ta zama tana kunne kusan rabin lokaci.

PID, wata hanyar sarrafa hita mai sassa uku, P da I da D, shi kuma ba ya jiran a kai iyaka, rage ƙarfin hita yake yi yayin da ake kusantar 37.5. P na duban giɓin yanzu tsakanin zafin da ake so da wanda ake da shi, I na tara ƙaramin giɓin da ya daɗe bai rufu ba, D na duban saurin canji. Yana yanka lokaci ne: idan zagaye daƙiƙa 5 ne, ƙarfi kashi 40 na nufin daƙiƙa 2 a kunne, 3 a kashe. Rile mai ƙarfe ba zai jure wannan ba, sai SSR, wato rile na lantarki da ba shi da ƙarfe mai motsi.

Lambobin da ka rubuta ɗazu su ne za su ba ka saitin farko. A ce zafin ya yi ta yawo tsakanin 37.1 da 38.1, kowane zagaye minti 6, wato daƙiƙa 360. Rabin yawon, a, shi ne 0.5. Hita tana tsalle daga sifili zuwa kashi 100, rabinsa, d, shi ne 50.

```
Ku = 4d / (3.14 × a) = 127
Kp = 0.45 × Ku = 57
Ti = 360 / 1.2 = 300
```

Ku shi ne ƙarfin P da zai sa zafin ya yi ta lilo, Kp shi ne ƙarfin P da za ka sa, Ti kuma lokacin I ne a daƙiƙa. Ma'anar 57 ita ce kowane digiri ɗaya na giɓi yana ƙara wa hita kashi 57. A na'urorin da ke neman faɗin P a digiri, raba 100 da 57, ka sa kusan 1.8. D kuma ka bar shi a sifili, domin a ƙaramin akwati rawar sensa kawai yake kambamawa. Wannan lissafi kiyasi ne, kuma yakan yi ɗan zafin hannu. Idan zafin bai daina lilo ba, raba Kp biyu. Idan ya tsaya a 37.2 yana jan ƙafa, rage Ti kaɗan. Canji ɗaya a lokaci ɗaya, ka jira aƙalla awa guda.

Gwajin ƙarshe: buɗe ƙofa minti biyu, ka rufe. Duk tsawon lokacin da akwatin yake sanyi, I yana ta tara giɓi, sai ya hana hita saki ko an kai 37.5, zafi ya haura 39. Haka ma yakan faru bayan an ɗauke wuta an dawo da ita. Maganinsa a hana I taruwa muddin hita tana kashi 100. A na'urar PID ta REX-C100 wannan saiti shi ne Ar. Ka kuma haɗa wata na'urar kashewa daban da za ta yanke wutar hita a 38.5, domin SSR idan ya mutu yawanci a kunne yake maƙalewa.

Duk waɗannan saituna dumamawa kawai suke sarrafawa. A bazara, lokacin da ɗaki a Sakkwato ko Maiduguri kan haura digiri 40, ga kuma 'yan tsakin da ke cikin ƙwai a makon ƙarshe suna fitar da nasu zafin, hita za ta mutu gaba ɗaya amma lambar ta ci gaba da hawa. A nan sai ka kai injin ɗakin da ya fi sanyi, sannan ka buɗe ramukan iska, ko ka ɗaura fankan fitar da zafi a bakin sanyaya na STC-1000.