Yadda ake tsara hanyar gano ciwon damuwa ga masu ciki da masu jego a wurin awo

Ungozomar da ke aiki a wata cibiyar lafiya ta CSI a Mirya ko Matamai tana ganin mace mai ciki sau da yawa kafin haihuwa, tana sake ganinta da jariri a goye, alhali likitan ƙwaƙwalwa mai yiwuwa ne bai taɓa ganin matar ba, kuma ba zai gan ta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kashi 15.6 cikin ɗari na masu ciki da kashi 19.8 na masu jego suna fama da matsalar ƙwaƙwalwa, galibi ciwon damuwa mai tsanani, wato ɓacin rai da mutuwar zuciya da ba su gushewa tsawon makonni. Saboda haka a teburin awo za a gano su, kuma tsarin da za a bayyana a nan an gina shi ne daga ƙarshe zuwa farko, domin tambayar da ba a tanadi abin da zai biyo bayan amsarta ba, ta fi rashin tambaya illa.

Mataki na farko shi ne a zauna da manjo, shugaban cibiya, a rubuta inda kowace mace za ta dosa idan an gano tana da matsala. Ana bukatar ƙofofi uku. Ta farko ita ce ungozomar kanta, wadda za ta kula da masu matsakaicin ciwo ta hanyar zama da su. Ta biyu ma'aikacin jinya ne ko likitan asibitin gunduma da ya samu horo a kan tsarin mhGAP, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2008 domin waɗanda ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba su iya gano cuta su kuma ba da magani. Ta uku ita ce ta gaggawa zuwa babban asibitin ƙasa na Damagaram. Kowace ƙofa sai an rubuta sunan mai tsaronta da lambar wayarsa da ranakun da ake samunsa, a manna a bangon ɗakin awo, a kuma amsa tambayar da aka fi tsallakewa: wa zai biya kuɗin mota, kuma wa zai raka ta? Takardar turawa da ba a warware waɗannan biyun a kanta ba, a ƙarƙashin katifa take ƙarewa.

Mataki na biyu lissafin nauyi ne. A ɗauka, a matsayin misali, cibiya tana karɓar sababbin mata 200 a wata. Idan aka bi ƙiyasin da ke sama, kusan 30 daga cikinsu za su bukaci kulawa, kuma idan kowace za ta samu zama huɗu na rabin awa, aikin ya kai awa 60 a kan matan wata guda kaɗai. Ungozoma ɗaya da ke karɓar haihuwa dare da rana ba za ta iya ɗaukar wannan ba. Mafita ita ce a raba zaman da masu wayar da kai na unguwanni da ƙauyuka da aka horar, ko a haɗa matan rukuni-rukuni, ko a fara da ranar awo ɗaya a mako har hannu ya faɗa.

Daga nan sai a zaɓi tambayoyin, kuma sun fi dacewa a yi su hawa biyu. Kowace mace ana yi mata gajerun tambayoyi biyu game da watan da ya wuce: ko ta yawaita jin ɓacin rai da yanke ƙauna, da kuma ko ta daina jin daɗin abubuwan da a da take jin daɗinsu. Wadda ta ce e ga ko da ɗaya, ita ake yi wa ma'aunin Edinbara, wanda ake taƙaitawa EPDS. An wallafa shi a 1987, tambayoyinsa 10 ne game da kwana bakwai da suka gabata, kowace tana da maki daga 0 zuwa 3, jimilla 30. Amfaninsa ga mai ciki shi ne bai dogara da gajiya ko rashin cin abinci ba, waɗanda laulayi kaɗai yana kawo su. Maki 13 zuwa sama yana nuna akwai yiwuwar ciwon sosai, 10 zuwa 12 kuwa ana maimaita shi bayan mako biyu zuwa huɗu. Ma'aunin tankaɗe ne kawai, tabbatar da cuta aikin wanda ya zauna ya tattauna da ita ne. Akwai kuskuren lissafi da ake yawan yi: tambaya ta 1 da ta 2 da ta 4 makinsu yana hawa daga 0 zuwa 3, ta 3 da ta 5 zuwa ta 10 kuwa yana saukowa daga 3 zuwa 0, don haka a buga makin a gefen kowace amsa.

Harshe ne wurin da ya kamata a ɓata lokaci a kansa. Idan takardar da Faransanci take, kowace ungozoma kuma tana fassarawa da ka yayin da take tambaya, to cibiyar tana da ma'aunai masu yawa kamar yawan ma'aikatanta, makinsu kuma ba ya kwatantuwa. A rubuta Hausar sau ɗaya, wani da bai ga asalin ba ya mayar da ita Faransanci a gwada, sannan a karanta wa mata goma ko goma sha biyar a tambaye su abin da suka fahimta. Haka za a yi wa masu jin Barbarci ko Fulatanci, kuma kada miji ko uwar miji su zama tafinta. Tun da yawancin matan karanta musu za a yi, zanen ƙwarya huɗu, daga wadda ba kome a ciki zuwa cikakkiya, yana taimaka musu su nuna amsa da yatsa. A guji kalmar hauka da taɓin hankali gaba ɗaya. Mace ba ta cika cewa tana baƙin ciki ba, domin an tarbiyyantar da ita a kan haƙuri, abin da za ta ce shi ne tunani ya yi mata yawa, ko barci ya ƙi, ko zuciyarta tana bugawa, ko kanta yana zafi. Haka kuma mai haihuwar fari da ke kawar da kai daga jaririnta a gaban manya kunyar ɗan fari take yi, sai an keɓe da ita za a san ko akwai abin da ya wuce al'ada.

Lokutan tambaya a jingina su ga zuwan da mace za ta yi ko ba don wannan ba: awon farko, awo ɗaya a watannin ƙarshe na ciki, da rigakafin jariri na mako shida, wanda ya zo daidai da gama wankan jego na kwana arba'in. A kwanakin farko bayan haihuwa kuka da saurin fushi sun zama ruwan dare, suna kuma wucewa cikin mako biyu, don haka makin da aka ɗauka kafin suna yana iya ruɗarwa. Mai goyon ciki da ta tafi gidan iyayenta tana ɓacewa daga rajista, shi ya sa tun a awon ƙarshe ake tambayar inda za ta yi jego.

Ga yadda abin yake a aikace. A ce mace ce mai shekara 24, cikinta na uku, wata bakwai, mijinta ya tafi cirani, ta ce e ga tambayoyin biyu, ta samu maki 15, tambaya ta 10 kuma, wadda ke magana a kan tunanin cutar da kai, ta samu 1. Duk makin da ya wuce 0 a wannan tambayar ana bin sa a ranar, kome ƙanƙantar jimilla. Ungozoma ta rufe ƙofa ta ce mata: "Ƙanwata, kin ce tunanin cutar da kanki ya taɓa zo miki. Kin taɓa shirya yadda za ki yi? Kin taɓa gwadawa? Akwai maganin ƙwari ko na ɓera a ɗakinki?" Tambaya kai tsaye ba ta dasa tunanin a zuciyar wadda ba ta da shi. Matar ta ce: "A'a, Anti, sai dai ina jin da ban farka ba da na huta." Ba shiri, ba yunƙurin baya, don haka ba ta ƙofar gaggawa ba ce, amma da yardarta aka kira yayarta, aka kwashe magungunan gona daga ɗakin, aka sa mata ranar dawowa bayan mako guda, aka kuma kira ma'aikacin ƙofa ta biyu tana zaune. An duba jininta da zazzaɓin cizon sauro, domin ƙarancin jini yana kawo kasala mai kama da wannan, an kuma tambaye ta a keɓe ko ana dukanta a gida da ko akwai abinci. Zaman da za a yi da ita zai bi tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015 domin ma'aikatan lafiya na al'umma, wanda aka fara gwadawa a Pakistan: lura da tunanin da ke karya zuciya da musanya shi, komawa ga ƙananan ayyukan da take so, barci da abinci, da neman wanda zai rage mata aiki. Bayan mako huɗu a sake ma'aunin, idan makin bai sauka ba ko ya hau, ta wuce ƙofa ta biyu don a duba batun magani. Wannan hukunci na mai horo ne, kuma kafin ya rubuta maganin damuwa sai ya tambayi ko ta taɓa yin kwanaki tana zumuɗi da surutu ba barci, domin maganin yana iya tayar da irin wannan ciwon.

Ƙofar gaggawa ta mai shirin kashe kanta ce, da mai tunanin cutar da jaririnta, da wadda ta daina ci da sha, da kuma mai jegon da ta ruɗe a makonni biyun farko, ba ta barci, tana jin muryoyi ko tana cewa jaririn ba nata ba ne. Wannan na ƙarshe yana samun mace 1 zuwa 2 cikin 1000 da suka haihu, kuma dangi sukan fara kai ta wurin ruƙiyya. Ba a jayayya da su a kan addu'a, ana ce musu a haɗa da asibiti yau. A auna zafin jikinta da hawan jini kafin tafiya, tun da zazzaɓin bayan haihuwa da jijjiga suna rikita hankali, kuma ba a barinta ita kaɗai da jaririn.

Wajen rubutu, karnen awo yana shiga hannun kowa a gida, saboda haka alama kawai ake sa masa, makin kuma a rajistar da ke kulle. Kowane ƙarshen wata a ƙirga abu uku: mata nawa aka tambaya cikin waɗanda suka zo, nawa ne suka kai maki 13, nawa ne cikin waɗanda aka tura suka isa. Idan cikin mata 200 biyu kaɗai aka samu, a je a tsaya a ɗakin awo a ga yadda ake tambayar, domin mafi yawan lokuta za a tarar ana yin ta ne ƙofa a buɗe, mata na jere a kan benci suna saurare.