Yadda za ka gane ko manhajar hira tana karɓar hoto kafin ka ɓata datarka

Wata Hajiya mai sayar da atamfa ta zo shagona ran wata Laraba, ranta a ɓace. Ta tura wa dillalinta kuɗi, an cire a asusunta, shi kuma ya ce bai ga alat ba. Ta shiga wurin hira da ma'aikata a manhajar bankinta, aka rubuto mata cewa ta turo hoton rasit. Kusan awa guda tana danne-danne, hoto ya ƙi tafiya. Tana miƙo mini wayar ta ce, "Malam, wannan abin nasu ba ya karɓar hoto, yaudara ce kawai." Ashe yana karɓa. Wayarta ce ta hana, kuma ita da kanta ta hana tun ranar da ta sauke manhajar, ba ta ma san ta yi ba.

Irin wannan na gani ya fi a ƙirga. Mutum ya gwada sau ɗaya, abu ya ƙi, sai ya yanke hukunci. Alhali "ba ta karɓar hoto" daban, "an hana ta taɓa hotunanka" daban, "hoton ya yi mata nauyi" shi ma daban. Ga yadda nake rarrabe su.

Fara da kallon akwatin da ake rubuta saƙo, daga gefen hagu zuwa dama. Kusan duk manhajar da ke karɓar hoto a nan take ajiye ƙofarta. Abin da kake nema ɗaya ne cikin huɗu: alamar kilif ɗin nan na maƙale takardu, alamar +, alamar kyamara, ko wani ɗan murabba'i mai zanen tsauni da rana a ciki. A WhatsApp na Android kilif ne da kyamara a cikin akwatin, a na iPhone kuma + ne a gefen hagu. Telegram kilif take amfani da shi. Amma ka duba tun kafin ka rubuta komai. Manhajoji da yawa suna ɓoye wasu alamomin da zarar ka fara rubutu, don su ba kalmominka fili. A Messenger, misali, alamomin suna naɗewa su koma wata 'yar kibiya, sai ka taɓa ta su dawo. Na sha ganin wanda ya cika akwati da dogon bayani, sannan ya fara neman inda zai sa hoto, ya rasa. Goge rubutun, ka sake kallo.

Kada fuskar murmushin nan ta ruɗe ka. Ita ta sitika ce da ƙananan zane-zane, ba ta kai ka ga hotunan wayarka.

Idan ka ga alamar, taɓa ta ka karanta abin da ya fito. In ka ga `Gallery`, `Photos`, `Camera` ko `Upload image`, to manhajar an gina ta da karɓar hoto. In `File` ko `Document` kaɗai ka gani, kada ka juya tukuna, sau da yawa hoto yana shiga ta nan ma. Shiga ka ga ko hotunanka suna zaɓuwa. Idan sun fito dishi-dishi, ka taɓa ba su amsa ba, ita wannan ƙofar wani nau'in fayil take so, galibi PDF. Wasu wuraren suna rubuta ƙa'idarsu da ƙananan haruffa a ƙasa, irin su `JPG, PNG` da iyakar nauyi a MB. Mutane ba sa karantawa, kuma rabin amsar tana nan.

Yanzu ga inda Hajiya ta maƙale, kuma nan ne nake so ka tsaya sosai.

Ta taɓa kilif, ta zaɓi `Gallery`, sai fili fari fat ya buɗe, ko hoto ɗaya babu. A wajenta wannan hujja ce cewa ba a karɓa. Ni kuwa a wajena hujja ce cewa ana karɓa, domin manhajar da ba ta karɓar hoto ba za ta buɗe maka ma'ajiyar hotuna ba tun farko. Abin da ya faru shi ne, ranar farko wayar ta tambaye ta ko ta yarda manhajar ta ga hotunanta, ita kuma ta danna `Don't allow`, saboda an taɓa gargaɗinta kan 'yan damfara. Ban ga laifinta ba ko kaɗan, tsoron yana da tushe. Matsalar ita ce Android, in ka ƙi sau biyu, takan daina tambayarka gaba ɗaya. Daga nan manhajar za ta riƙa yin shiru ko ta nuna fili babu komai, kai kuma ka ɗauka lalacewa ta yi.

Gyaran a saitin waya yake, ba a cikin manhajar ba. A Android bi wannan hanya:

```
Settings > Apps > (sunan manhajar) > Permissions
```

A wayoyin da ke kan Android 13 zuwa sama za ka ga `Photos and videos`. A tsofaffi sunan `Storage` ne ko `Files and media`. Wasu wayoyin, irin Tecno da Infinix da itel da suka cika hannun mutanenmu, suna ɗan sauya sunan matakin farko zuwa wani abu kamar `App management`, amma ƙarshen hanyar ɗaya ne. Hanyar da na fi so, don ta fi sauri: danne alamar manhajar a fuskar waya ka riƙe, ka zaɓi `App info`, sai ga `Permissions` nan take. A wayar Hajiya `Photos and videos` yana ƙarƙashin `Not allowed`. Muka buɗe, muka rufe manhajar gaba ɗaya, muka sake shiga, sai ga hotunanta sun cika fuska.

A iPhone hanyar ita ce:

```
Settings > Privacy & Security > Photos
```

A nan akwai wani tarko na tsakiya da ke ruɗa mutane fiye da hani na gaba ɗaya, wato `Limited Access`. Manhajar tana ganin hotunan da ka zaɓar mata a da ne kawai, don haka za ka ga tsofaffin hotuna uku ko huɗu, rasit ɗin da ka ɗauka yanzu kuwa babu shi. Android 14 ma ta zo da irin wannan zaɓi. Ni dai shawarata, ga manhajar da ba ka amince da ita sosai ba, ka bar ta a kan wannan zaɓin ka ƙara mata hoton da kake buƙata kaɗai, ba sai ka buɗe mata hotunan iyalinka duka ba.

Wani abu kuma da ya kamata ka sani: rashin ganin izinin hoto a jerin `Permissions` ba ya nufin manhajar ba ta karɓa. Sababbin manhajoji da dama suna amfani da mazaɓin hoto na wayar kanta, wanda ba ya buƙatar izini ko kaɗan, kai ne kake miƙa hoton da hannunka. Shi ya sa ban yarda da masu cewa a duba izini kawai a yanke hukunci ba. Gwaji ne alƙali.

To, da me za a gwada? Ba da rasit ba, ba da katin shaida ba, ba da hoton fuskarka ba. Wannan a wajena doka ce. Ɗauki sikirinshot na wani abu marar amfani, ko da fuskar kalkuleta ce. Dalili biyu ne. Na farko, in ya tafi inda bai kamata ba, ba ka yi asarar komai ba. Na biyu, sikirinshot yawanci ba shi da nauyi, kuma nau'insa PNG ne ko JPG, waɗanda kusan kowace manhaja ta sani. Hoton kyamarar zamani kan kai MB uku zuwa biyar ko fiye, in ka yi ta maimaita turawa a sabis marar ƙarfi, data ce kawai take zuba. Masu iPhone suna da ƙarin matsala: tun 2017 kyamararsu take ajiye hoto a nau'in HEIC, kuma akwai wuraren da ba su san shi ba. In sikirinshot ya shiga amma hoton kyamara ya ƙi, ka gano bakin zaren: manhajar tana karɓar hoto, nauyi ko nau'in naka ne bai yi mata ba. Buɗe hoton, ka yi masa sikirinshot, ka tura wannan.

Bayan ka danna tura, kalli abin da hoton ya yi. In da'ira tana ta juyawa a kansa, ko alamar agogo ta tsaya a gefe, sabis ne. Tura kalma ɗaya ka gani, in ita ma ta maƙale to ba maganar hoto ba ce. In wani rubutu ya fito mai ɗauke da `too large`, nauyi ne. In `not supported` ne, nau'in fayil ne. In hoton ya zauna a cikin hirar daram, an karɓa. Haka na Hajiya ya yi, ma'aikacin ya rubuto cewa ya gani.

Akwai kuma lokacin da manhajar tana karɓa amma ɗakin da kake ciki ne ba ya karɓa. A Telegram admin yana iya hana membobi tura hoto ya bar musu rubutu kaɗai. A WhatsApp in an mayar da guruf na admin zalla, akwatin rubutun ma ɓacewa yake yi. Gwajin mai sauƙi ne: tura wa kanka. Telegram tana da `Saved Messages`, WhatsApp ma tana barin mutum ya tura wa lambarsa saƙo. In ya tafi can, to dokar ɗakin ce, sai ka nemi admin. Wuraren hira na kamfanoni kuma wani lokaci ba sa fito da kilif sai an haɗa ka da ma'aikaci na gaske, don haka ka sake duba akwatin bayan mutum ya amsa.

In a burauza kake hirar, kuma Opera Mini ce a kan tsananin tsimin data, koma Chrome kafin ka ce komai, domin wannan tsimin yana karya irin waɗannan akwatunan. A Chrome ɗin ma in babu alamar, taɓa ɗigo ukun sama ka zaɓi `Desktop site`, wani sa'in sai ta bayyana. A kwamfuta kwafi hoton ka danna `Ctrl+V` a cikin akwatin, ko ka jawo shi ka saki a kai. Ka kuma leƙa Play Store ka ga ko akwai `Update`, tsohuwar manhaja kan rasa abin da sabuwa take da shi.

Idan akwatin babu kilif, babu +, babu kyamara, ka sabunta, ka gwada a wata burauzar, liƙawa ma ta ƙi, to yanzu kana iya cewa ba ta karɓa. Sai ka rubuta wa ma'aikacin lambar cinikin da ke jikin rasit, da adadin kuɗin, da rana da lokaci, sannan ka tambaye shi adireshin imel ɗin da za ka aika hoton. Ka tabbata adireshin ya yi daidai da wanda ke shafin kamfanin kafin ka tura.