Kurakuran da aka fi yi wajen kiyasi da ijma'i, da yadda za a gyara

Kwanaki a majalisarmu wani ya kawo maganar wata mata da ta ba maƙwabciyarta mudu uku na tsohon gero ta karɓi mudu biyu na sabo, wai tsohon ya fara ƙwari shi ya sa ta ƙara. Nan take wani ya ce ai ba komai tunda gero bai zo a hadisi ba, wani kuma ya ce haramun ne da ijma'in malamai, aka yi ta ja. To dukansu biyun sun zame, kuma zamewar tasu ita ce wadda aka fi yi a wannan babin.

Hadisin da ake magana shi ne na Ubada ɗan Samit a Sahihu Muslim, inda Annabi (SAW) ya lissafa abu shida: zinare, azurfa, alkama, sha'ir, dabino da gishiri, ya ce in za a musanya kowanne da jinsinsa sai daidai wa daida kuma hannu da hannu. Gaskiya ne babu gero a ciki, babu dawa, babu masara. Amma aikin kiyasi ke nan. Kiyasi yana da ƙafa huɗu: asali wato abin da nassi ya ambata, kamar alkama, sai reshe wato sabon abin da muke tambaya a kai, gero, sai hukuncin asalin, sannan illa wato siffar da saboda ita aka ɗora hukuncin. In illar da ke alkama tana nan a gero, hukunci ya bi shi. Mai cewa tunda ba a ambata ba shi ke nan, ya ɗauki hanyar Zahiriyya ne ko bai sani ba, su Dawud da Ibn Hazm wanda ya rasu shekara ta 456 bayan hijira, su ne suka ƙi kiyasi suka tsaya a kan shidan nan kawai. Mazhabobi huɗu ba su tafi haka ba.

Amma inda aka fi faɗawa rami shi ne a ɗauka kiyasi kamanni ne, wai wannan ya yi kama da wancan sai a haɗa su. A'a, illa ake nema, kuma illar nan a nan ba a faɗe ta ƙarara ba, malamai ne suka tono ta, shi ya sa suka saɓa. Malikiyya, waɗanda mafi yawanmu a kansu muka tashi, suka ce illar kayan abincin nan ita ce kasancewarsu abincin da ake rayuwa a kai kuma ana iya ajiye shi ya daɗe. Shafi'iyya suka ce kasancewarsu abin ci kawai ya isa. Hanafiyya suka ce a'a, awo ne, duk abin da ake aunawa da mudu ko sikeli in jinsi ɗaya ne.

Yanzu ɗora geron baiwar Allahn nan a kai. Abinci ne na yau da kullum, ana zuba shi a rumbu ya shekara, ana cinsa, ana awonsa da mudu. Ka ga duk illar da ka ɗauka ta kama shi, don haka mudu uku da mudu biyu riba ce, ribar fifiko, ko da ɗaya ya fi ɗaya kyau. Gyaran ma ya zo a hadisi, lokacin da Bilal ya ba da sa'i biyu na dabino mara kyau ya karɓo sa'i ɗaya mai kyau, Annabi (SAW) ya ce wannan ita ce ribar kanta, ya umarce shi ya sayar da nasa sannan ya sayi wanda yake so da kuɗin. Ita ma haka za ta yi, ta kai tsohon kasuwa ta sayar, ta sayi sabo. Da kuma gero ta bayar ta karɓi dawa, a wajen Malikiyya jinsi biyu ne, uku da biyu ya halatta in dai a take aka yi musayar ba bashi.

Canja kayan kuma ka ga yadda illa ke aiki. Mangwaro: ba ya ajiyuwa, ba shi ne tuwon gida ba, don haka Bamalike zai bar ka ka ba da goma ka karɓi bakwai hannu da hannu, Bashafi'e zai hana tunda abin ci ne. Ƙarfe da ake sayarwa a kilo: Bahanafe zai hana fifiko, sauran biyun ba ruwansu tunda ba a cin ƙarfe. In ka ji mutum ya ce kiyasi ya nuna kaza, tambaye shi mece ce illar, kuma wa ya ce ita ce illar. In ya fara kame-kame to kwatance yake yi da ka.

Wani kuskuren mai kama da wannan shi ne cakuɗa illa da hikima. Za ka ji ana cewa matafiyi yana ƙasaru saboda wahala, to ai ɗan dako ya fi mai jirgin sama shan wahala, shi ma ya yi ƙasaru mana. Wahala hikima ce, ba ta da ma'auni, abin da ya gajiyar da ni kai ko a jikinka. Illa dole ta zama abu bayyananne mai iyaka, ita ce tafiyar kanta. Sannan ba a kiyasi inda nassi ya riga ya yanke, waɗanda suka ce ai ciniki kamar riba yake a aya ta 275 ta Baƙara kiyasi suka yi, aka mayar musu da shi.

Sai mu dawo kan mutumin da ya ce ijma'i. Hukuncinsa ya yi daidai amma hujjar ta fi ƙarfin bakinsa. Ijma'i shi ne dukkan mujtahidan al'umma na wani zamani, bayan rasuwar Annabi (SAW), su haɗu a kan hukunci guda. Dukkansu fa. Abin da mafi yawa suka tafi a kai sunansa ra'ayin jamhur, abin da mazhabobi huɗu suka haɗu a kai sunansa ittifaƙin mazhabobi huɗu, abin da malaman garinku suka haɗu a kai kuwa ba ya cikin lissafin ma. Haramcin fifiko a cikin abu shidan nan nassi ne, amma miƙa shi zuwa gero kiyasi ne, kuma ga Zahiriyya can sun ƙi. Haka saki uku a kalma ɗaya, mazhabobi huɗu sun ce uku ne, Ibn Taimiyya da ya rasu a 728 ya ce ɗaya ne yana kafa hujja da hadisin Ibn Abbas, to ko kana ganin ya yi kuskure, in ka ce ijma'i sai ka shirya amsa wannan. Ba banza ba aka ruwaito Imamu Ahmad yana cewa wanda ya yi da'awar ijma'i ya yi ƙarya, wa ya sani ko mutane sun saɓa. Ba ijma'in yake ƙaryatawa ba, saurin da'awarsa yake tsawatarwa.

Mu Malikawa kuma akwai namu na cikin gida: aikin mutanen Madina hujja ne a wajen Imamu Malik, amma ba shi ne ijma'in al'umma ba, kar ka je ka buga wa Bahanafe shi a ka kana cewa ya saɓa wa ijma'i. Kuma in wasu sahabbai sun yi fatawa saura suka yi shiru, wannan ijma'in shiru ne, malaman usul kansu sun saɓa a kan ƙarfinsa. Na gaskiyan wanda ba ja a ciki irin su farillan salloli biyar ne, ko cewa jikan da ɗa namiji ya haifa ba ya gado in mamacin yana da ɗa namiji a raye. In ba ka bincika ka tabbatar ba, ka ce wannan shi ne ra'ayin jamhur, ko ka ce ban san wani saɓani a kai ba.