Yadda ake kula da ciwon kunnen yaro bayan mura, da lokacin da ya kamata a ga likita

Mura ta yi kwana uku ko huɗu, har an fara cewa ta lafa, sai cikin dare yaro ya farka da ihu. Kin ba shi nono, ya ja sau biyu ya saki, yana murza kunne da bayan hannu. Kin ɗauke shi a kafaɗa ya ɗan yi shiru, kin kwantar da shi ya dawo da kuka. Yawanci haka ciwon tsakiyar kunne ke sallama.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Akwai wata siririyar hanya da ta haɗa bayan hanci da ɗan ɗakin da ke bayan dodon kunne. A jikin ƙaramin yaro gajera ce kuma kusan a kwance take, shi ya sa mura ke saurin toshe ta. Da ta toshe, ruwa ya taru a ciki, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, ruwan ya riƙa tura dodon kunne. Turawar nan ita ce zugin, kuma kwanciya da tsotso suna ƙara ta.

Mataki na farko: duba shekarunsa da yanayin jikinsa

Kafin ki ɗauko kwalbar magani, ki tabbatar ko wannan yaron na jira ne ko na tafiya. Jaririn da bai kai wata uku ba, in zafin jikinsa ya kai digiri 38, asibiti za a nufa nan take, ko da tsakar dare ne. Wanda bai kai wata shida ba kuma ana zargin kunne, a kai shi a ranar.

Ko shekararsa nawa, ba a jira idan bayan kunnen ya kumbura ya yi ja har kunnen ya turo gaba, domin alama ce cutar ta shiga ƙashin da ke bayansa. Haka nan in wuyansa ya sanƙare, ko ya yi jijjiga, ko barci ya danne shi har tashinsa na wuya, ko yana amayar da duk abin da ya sha, ko gefe ɗaya na fuskarsa ya karkace. A wuraren da ake fama da zazzaɓin cizon sauro kuwa, kada ciwon kunne ya sa a fasa gwajin jini ga yaro mai zazzaɓi.

Mataki na biyu: kashe zugin

Nan ne aikin yake, kuma nan aka fi kuskure. Iyaye da yawa suna ba da maganin zugi sau ɗaya, kaɗan, su ga bai yi ba, su yanke cewa sai maganin kashe ƙwayoyin cuta. Alhali a kwanan farko shi wannan ba ya rage zugi. Farasitamol ko ibufurofen ne ke yi, in an auna daidai.

Awon da nauyin yaro yake tafiya. Farasitamol miligiram 15 ne ga kowane kilo ɗaya, duk bayan awa huɗu zuwa shida, kuma kada ya wuce sau huɗu cikin awa 24. A ɗauki yarinya 'yar shekara biyu mai kilo 12: 12 sau 15 ya ba da miligiram 180. In kwalbar ta ce akwai miligiram 120 a cikin mililita 5, rabonta mililita bakwai da rabi ke nan. Ki karanta jikin kwalbar kowane lokaci, don akwai mai miligiram 250 a mililita 5 da aka yi wa manyan yara, wanda ya ninka ƙarfi. Ki auna da sirinjin magani ko murfin awon da ya zo da shi. Cokalin shayi ba shi da amana, wani ya fi wani zurfi.

Ibufurofen kuma miligiram 5 zuwa 10 ne ga kowane kilo, duk bayan awa shida zuwa takwas, sau uku a rana iyaka, tare da abinci ko nono. Ga yarinyar nan mai kilo 12, mililita 5 na mai miligiram 100 a mililita 5 ya wadatar. Ba a ba yaro shi in yana amai da gudawa ko ba ya shan ruwa sosai, ko yana da ƙarambau, ko bai kai wata uku ba. Mai asma sai an tambayi likita. Asfirin kam babu shi ga yaron da bai kai shekara 16 ba.

Ki fara da guda ɗaya. In bayan kamar awa ɗaya har yanzu yana cikin wahala, kina iya gwada ɗayan. Ki rubuta lokacin kowane a takarda, saboda wanda ya kwana bai runtsa ba mantuwa ba ta yi masa wuya. Ki kuma duba maganin murar da wataƙila ake ba shi, domin wasu akwai farasitamol a cikinsu, sai a ninka ba a sani ba. Su kansu magungunan buɗe hancin nan ba sa warkar da kunne.

Tsumma mai ɗumi, ba mai zafi ba, a ɗora a kan kunnen yana ɗan kwantar da wasu yaran. A ci gaba da nono da ruwa. Cikin kunnen kuwa a bar shi: ba mai, ba tsinken auduga, ba ragowar maganin ɗigawa na wani. Ciwon yana bayan dodon kunne ne, abin da aka ɗiga ba ya isa can, in kuma dodon ya riga ya huje, sai ya shiga inda bai kamata ba.

Mataki na uku: ƙirga kwanaki

Yaron da ya haura wata shida, kunne ɗaya ke ciwo, zafin jikinsa bai kai digiri 39 ba, yana sha, kuma yana ɗan wasa in magani ya kama shi, ana iya jiransa kwana biyu zuwa uku. Kusan yara takwas cikin goma suna samun sauƙi da kansu a wannan tsakanin. Ana ƙirgawa ne daga lokacin da kunnen ya fara ciwo, ba daga ranar da mura ta kama shi ba. Yarinyar da ta fara daren Litinin, ya kamata zuwa Laraba a ga ta fi barci, ta fi cin abinci. In safiyar Alhamis ta yi tana nan yadda take, a tafi. In kuwa tun Talata abin gaba yake yi, ba sai an jira Alhamis ba.

Wasu ba a cika musu kwanakin nan, a kai su cikin yini guda: wanda bai kai shekara biyu ba kuma kunnuwa biyun ke ciwo, wanda zazzaɓinsa ya kai 39, wanda magani ba ya taɓa zuginsa, da mai wata cuta da ta raunana garkuwar jikinsa.

Sai kuma wanda kunnensa ya fara zubar da mugunya. Abin da ke ruɗar mutane shi ne, a daidai lokacin ne kukan ke tsayawa, a ga tabo a matashi, a ɗauka an warke. Dodon kunnen ne ya huje, matsin ya sauka. Yakan haɗe da kansa cikin 'yan makonni, amma a goge abin da ya fito waje kawai, a hana ruwan wanka shiga, a kai shi a duba.

Likita zai haska cikin kunnen. In ya ga da buƙata, yawanci amoksisilin yake rubutawa, kuma a shanye kwanakin da ya faɗa ko da yaro ya miƙe. In an kwana biyu zuwa uku ana sha babu canji, a koma.

Bayan zugin ya wuce, ruwan da ke ciki yana iya ɗaukar makonni kafin ya tsotse, sai ki ga kina kira yaro bai juyo ba sai kin ɗaga murya. In wannan ya kai wata uku, ko maganarsa ta tsaya ba ta gaba, a nemi gwajin ji.