Hashtag talatin a kan rago ɗaya: kurakuran da ake yi a Instagram da X

Ƙanina yana kiwon raguna a wani ƙauye kusa da Maigatari. Bara, ana saura mako uku Babbar Sallah, ya miƙo mini wayarsa yana cewa, "Yaya, duba mini, na sa hoton ragon nan tun shekaranjiya, ko mutum ɗaya bai tambayi kuɗinsa ba." Na duba. Rago ne ƙosasshe, hoton ma ya fito. Amma ƙarƙashinsa babu farashi, babu sunan gari, sai tarin hashtag har talatin da ya kwafo daga shafin wani: #love, #fashion, #followme da ire-irensu.

Kuskuren farko ke nan, ɗaukar cewa yawa shi ne kasuwa. Gaskiya ne a da Instagram yana barin a sa har 30, amma tun 2021 shafinsa na @creators ya ba da shawarar a tsaya a 3 zuwa 5. A Disamban 2024 kuma ya cire damar bin hashtag kamar yadda ake bin mutum. Yanzu aikin hashtag bai wuce na alamar da ake rubutawa a jikin buhu ba: ya faɗa wa manhajar da mai bincike abin da ke ciki. In ka rubuta gero a buhun riɗi, mai neman riɗi wucewa zai yi, mai neman gero kuma ya kwance ya yi tsaki.

Na biyu shi ne zaɓar wanda ya fi kowane girma. #love yana da hotuna fiye da biliyan, naka zai nutse kafin ka ajiye waya, kuma masu leƙa shi ba layya ce a gabansu ba. Ko #Kano ma ba namu ba ne mu kaɗai, akwai mawaƙin Birtaniya mai wannan suna, akwai wani jarumin wasan bidiyo. Gyaran mai sauƙi ne, sai dai yana cin ɗan data. Kafin ka sa hashtag, rubuta shi a wurin bincike ka shiga ka kalli abin da ke ciki. In ka ga kaya irin naka da mutane irin masu sayenka, ɗauka. In ka ga wasu abubuwa dabam, ko ka tarar ba wanda ya yi amfani da shi tun bara, bar shi.

Haka muka yi da ragon. Muka goge talatin ɗin, muka rubuta bayani da kalmomi na sosai: ragon layya, ɗan shekara biyu, yana Maigatari, ana iya kai shi Kano, ga farashi. Wannan bayanin ya fi hashtag ɗin nauyi, domin binciken Instagram yana karanta shi. Sannan muka sa huɗu, kowane da aikinsa: na kaya, na lokaci, na gari, na jiha.

```
#RagonLayya #BabbarSallah #Maigatari #Jigawa
```

Akwai tarkon da ya fi kama mu masu rubutun Hausa, ban kuma cika jin ana maganarsa ba. Hashtag yana yankewa a inda ya haɗu da tazara ko alamar rubutu. Ka rubuta #Sana'a, abin da zai koma mahaɗi shi ne #Sana kawai, sauran ya zube. #Jama'a ma haka. In ka raba #Ragon Layya, ka sa #Ragon ne kurum. Za ka gane da ido: bayan ka wallafa, dubi inda launin rubutun ya tsaya. Sai haruffa masu ƙugiya. #Ƙauye da #Kauye ba lallai su kai ka wuri ɗaya ba, kuma yawancin mutane ba sa neman ƙugiya a allon wayarsu. Ni a bayani ina rubuta Hausa daidai, a hashtag kuwa ina bin wanda jama'a suka fi bugawa. Lamba zalla, kamar #2025, ba ta aiki a X.

A X lissafin ya fi tsauri. Mai asusun kyauta haruffa 280 gare shi, hashtag kuma yana ci daga ciki. Tun kamfanin yana Twitter shawararsa kada a wuce biyu, ni ɗaya ma nake sawa, wani lokaci babu. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne masu hawa maudu'in da ke tashe: ana zancen zaɓe ko rasuwa, sai wani ya liƙa tallan ragonsa a ciki. Dokokin X sun ɗauki wannan a matsayin damun mutane, asusunka na iya jawo wa kansa takunkumi.

Da muka gama, sai na lura da abin da ya kamata in fara dubawa tun farko. Asusun ƙanin nawa a kulle yake, wato Private. Hoton asusun da ke kulle ba ya fitowa a shafin hashtag ga wanda ba mabiyinsa ba, ko talatin aka sa ko huɗu. Kwana biyu ke nan mabiyansa kaɗai ke ganin ragon, rabinsu kuma 'yan ƙauyenmu ne masu nasu a ɗaure.